Ƙuri'a a Cikin Hula: Yadda Ake Gwada Taki a Gonar Masara

Bara, wajen ƙarshen watan Satumba, ɗan ƙanwata ya goya ni a babur zuwa wata gona a ƙasar Giwa, yamma da Zariya. Malamin gona ne sabon shiga, kuma ya matsu ya nuna mini abin da ya kira gwajinsa. Ya samu wani dattijo ya ba shi aron gona mai ɗan gangare, ya raba ta gida uku. Can sama wajen tudu ya zuba taki kaɗan, a tsakiya ya ƙara, a gindin gonar kusa da kwari kuma ya zuba da yawa. Masarar gindin ta yi baƙi ƙirin don kore, goyonta kamar damtsen mutum. Ta saman kuwa ta yi ɗorawa-ɗorawa, da ƙyar ta kai kafaɗa.

"Kawu, gani ya kori ji," in ji shi.

Kafin in buɗe baki mai gonar ya riga ni. Yana zaune a kan kunya yana gyara ƙotar fartanya, ko ɗagowa bai yi ba. "Yaro, tun ina kai wa mahaifina fura a gonar nan, gindinta ya fi kanta. Ko shekarar da ba mu sa komai ba haka take yi."

Dattijon bai ce taki ba ya aiki ba. Abin da ya nuna shi ne, a wannan gonar babu mai iya raba aikin taki da aikin ƙasa, domin an ɗaure su wuri guda: inda aka fi zuba taki, nan ne laima ta fi zama, nan ne kuma ruwan sama ya shekara da shekaru yana tara dausayin da ya wanko daga tudu. Wataƙila taki ne ya yi rabin aikin, wataƙila kashi ɗaya cikin huɗu. Damina guda ta tafi, kuma babu amsa.

Bana muka sake gwajin a gonar nan tun daga tushe, bisa tsarin da masu binciken noma ke bi a ko'ina: a kasa gona rukuni-rukuni, a sa kowane ma'aunin taki sau ɗaya a cikin kowane rukuni, a bar ƙuri'a ta zaɓi wurin da kowanne zai faɗa. Tsarin ya samo asali ne daga tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Tun 1843 suke noma alkama a wani fili mai suna Broadbalk, a dogayen layuka, kowane layi da irin takinsa. A 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, don ya duba tulin bayanan da suka tara. Shi ne a 1926 ya fito da hujjar cewa maimaitawa, kasa rukuni da jefa ƙuri'a su ne ke ba mutum damar auna yawan kuskuren da ke cikin gwajinsa. Da wannan tsarin ake yawancin gwaje-gwajen taki da na iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922.

Tambaya guda, taki guda

Zaman farko da muka yi ba a gona aka yi shi ba, a zaure ne, da takarda da biro. Na ce masa ya faɗa mini tambayarsa a jimla ɗaya. Ya ce yana so ya san buhu nawa na taki ya kamata manomi ya sa wa masara. Na ce wane takin? Ya ce kamfa, wato NPK 15:15:15 da kowa ya sani.

A nan akwai tarko. Buhun kamfa abinci uku ne a haɗe: naitirojin, fosfaras da fotash, kowanne kashi 15 cikin ɗari. Idan ka ninka kamfa, ka ninka su ukun a lokaci guda, kuma in masara ta ƙaru ba ka san wanne za ka gode wa ba. A ƙasarmu ta Zazzau, naitirojin ne masara ta fi yunwarsa, shi ne kuma ya fi cin kuɗin manomi. Saboda haka muka tsayar da magana a kansa kaɗai. Za a ba kowane fuloti fosfaras da fotash daidai wa daida kafin shuka, yadda babu wanda zai kasa don rashinsu, sannan a bambanta naitirojin ta hanyar yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne.

Shawarar da aka saba ba manoman masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin a hekta, da kilo 60 na fosfaras da 60 na fotash bisa ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu. Muka zaɓi ma'auni biyar: 0, 40, 80, 120 da 160.

Ya yi gardama a kan biyu daga ciki. Me ya sa za a bar fuloti babu yuriya ko ƙwaya, alhali kowa ya san ba zai yi kyau ba? Domin shi ne shaida. Shi ke faɗa maka abin da ƙasar ke iya bayarwa da kanta, kuma duk ƙarin da sauran suka samu daga kansa ake ƙirga shi. Ba mamaki ka tarar gonar da aka noma waken soya a cikinta bara ta ba da abin da ba ka zata ba ko ba yuriya, kuma wannan ma labari ne. To 160 fa, tun da ya wuce shawarar da ake bayarwa? Domin abin da muke nema shi ne inda masara ke ƙoshi. Idan ma'auninka mafi girma shi ne ya fi kowa amfani, ba ka san ko da ka ƙara za ta ƙara ba. Sai ka wuce gejin sannan ka ga inda yake. Tazarar 40 da muka bari iri ɗaya tsakaninsu kuwa, don a iya zana yadda amfanin ke hawa ne har ya kwanta.

Inda ake kasa rukuni

Wannan shi ne wurin da ido da ƙafa suka fi biro amfani, kuma mai gona ya fi malamin gona sani. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, muka zaga gonar tare da dattijon. Na ce, "Baba, nuna mana inda gonar nan take da hali." Ya nuna wani wuri da Fulani suka yi wa shanu makwanci shekara biyu da suka wuce. Ya nuna tsohon suri da aka baje, da inda ake tara kara a ƙona, da gindin wani gawo a gefen gabas wanda duk abin da aka shuka a ƙarƙashinsa sai ya fi na waje. Ya kuma nuna wata kusurwa da wuta-wuta ke fitowa duk shekara. Duk waɗannan muka kauce musu. Gwaji ba ya bukatar gonar gaba ɗaya; fili ne ƙarami muke nema wanda bambancinsa ya tafi ta fuska guda da za mu iya gani.

A wannan gonar fuskar ita ce gangare. Daga tudu zuwa kwari ƙasa na sauyawa, daga ja mai tsakuwa zuwa mai duhu da taushi. Amma idan ka bi gonar a gicciye, kana tafiya ba hawa ba sauka, ƙasar kusan iri ɗaya ce. Ƙa'idar kasa rukuni ke nan gaba ɗayanta: fulotan da ke cikin rukuni ɗaya su yi kama da juna iyakar iyawa, bambanci kuma ya koma tsakanin rukuni da rukuni. Don haka kowane rukuni ya kwanta a gicciyen gangare kamar matakala. Na ɗaya a sama, na huɗu a ƙasa, kuma a cikin kowanne akwai fuloti biyar a jere, ɗaya ga kowane ma'auni. Yanzu 160 zai ɗanɗana tudu ya ɗanɗana kwari, haka ma 0.

Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne su juya wannan tsarin, su miƙar da rukuni daga sama zuwa ƙasa. A takarda yana nan da kyau, rukuni huɗu, fuloti biyar-biyar. A gona kuwa sun zuba dukkan bambancin gangaren a cikin kowane rukuni, sun kuma mayar da rukunan huɗu tagwayen juna. An yi wahalar kasawa, ba a ci ribarta ba.

Me ya sa huɗu, ba uku ba? Ya so uku don rage aiki. Akwai wani ɗan lissafi da ake yi: ka cire ɗaya daga yawan ma'aunai, ka cire ɗaya daga yawan rukunai, ka ninka su. Sakamakon shi ne, a sauƙaƙe, yawan shaidun da suka rage maka don auna kuskure. Da rukuni uku, 4 sau 2, takwas ke nan. Da huɗu, 4 sau 3, sha biyu. Masu wannan aiki sun saba neman kamar sha biyu. Ban da haka, a gonar ƙauye sai ka yi tanadin akuya. In dabba ta cinye fuloti ɗaya cikin huɗu, uku sun rage. In cikin uku ne, ka koma ga biyu.

Kowane fuloti muka ba shi kunya shida, tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, tsawonsu mita biyar. Faɗin mita 4.5 ke nan sau 5, wato murabba'in mita 22.5. Kunyoyin sun bi gicciyen gangare don kada ruwa ya yi zaizaya. Sai dai wannan ya kawo wata matsala: kwarin kunya ɗaya ne ya ratsa fulotai biyar, kuma ruwan da ya kwanta a cikinsa zai iya ɗaukar yuriyar 160 ya kai wa maƙwabcinsa 0. Saboda haka muka bar mita ɗaya tsakanin fuloti da fuloti, muka datse kowane kwari da ƙasa a wannan tazarar. Tsakanin rukuni da rukuni kuma muka bar kunya biyu ba shuka. Duka filin ya tashi mita 29 sau 22.5, kamar kashi ɗaya cikin 15 na hekta. Don kusurwa ta fita daidai, igiya kawai muka yi amfani da ita: mita uku a wannan gefe, huɗu a wancan, in tsakanin bakunansu ya ba da biyar, kusurwa ta miƙe.

Sai ƙuri'a

Muka yanka takarda biyar, muka rubuta 0, 40, 80, 120, 160, muka nannaɗe, muka zuba a hular dattijon. Jikarsa 'yar shekara shida ce ta riƙa ciro su ɗai-ɗai. Wadda ta fara fitowa ta tafi fulotin farko daga yamma, ta biyu ta bi mata, har biyar. Sannan aka mayar da su duka cikin hula, aka girgiza, aka sake wa rukuni na biyu. Sau huɗu aka yi, kowane rukuni da ƙuri'arsa. Ga yadda suka fito daga yamma zuwa gabas: a rukuni na ɗaya 120, 0, 160, 40, 80, a na biyu 40, 160, 80, 0, 120, a na uku 160, 120, 0, 80, 40, a na huɗu 0, 80, 40, 120, 160.

Da na huɗun ya fito, yaron ya ɓata fuska. Ya ce ai wannan kusan a jere yake daga ƙarami zuwa babba, a sake jefawa. Na ce a'a. Hanyoyin jera abu biyar 120 ne, kuma wannan ɗaya ce daga cikinsu, haƙƙinta daidai da na sauran. Ranar da ka fara zaɓen ƙuri'ar da ta yi maka kyau a ido, ka daina jefa ƙuri'a, ka koma zaɓe da hannu.

Mutane kan ɗauka ƙuri'ar nan wasa ce ko al'ada. Aikinta biyu ne. Na farko, tana kare gwaji daga mai gwajin. Wanda ya riga ya gaskata 120 ne daidai, ko bai yi niyya ba, hannunsa zai kai shi fulotin da ya fi kyau. Na biyu kuma ya fi wannan zurfi. Rukuni yana maganin bambancin da muka gani ne kawai. Akwai wanda ba mu gani ba: wata tsohuwar hanya da ta taɓa ratsa gonar ta daddale ƙasa, ko marmara da ke kwance kusa a ƙarƙashin gefen yamma. Da mun jera ma'aunan iri ɗaya a kowane rukuni, 0 kullum a yamma, 160 kullum a gabas, da wannan ɓoyayyen bambancin ya manne wa taki sau huɗu, mu kuma mu ce maimaici ya tabbatar. Ƙuri'a ba ta kawar da shi, amma tana hana shi bin ma'auni ɗaya kullum, sai ya watsu ya koma kuskuren da lissafi ke iya aunawa.

Daga hekta zuwa leda

Manomi da buhu yake magana, takarda da kilo a hekta, amma fuloti da giram ake ba shi. Kilo 40 na naitirojin, in ka raba da 0.46, kilo 87 ne na yuriya a hekta. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, fulotinmu kuma 22.5. Ka ninka 87 da 22.5 ka raba da 10,000, ka samu giram 196. Haka 80 ya zama giram 391, 120 ya zama 587, 160 kuma 783. Supa mai kashi 18 cikin ɗari ta tashi giram 750 ga kowane fuloti, takin fotash mai kashi 60 kuma giram 225. Waɗannan kowa ya samu, har da fulotin shaida. A duba jikin buhu kafin a yi lissafi, domin ƙarfin supa yakan ɗan bambanta.

Yuriyar kashi biyu muka yi ta, rabi bayan mako biyu da shuka, rabi a mako na shida. Daren da za a zuba, muka zauna da ɗan sikelin da masu sayar da kayan kek ke amfani da shi, muka auna rabon kowace kunya daban a ƙaramar leda, muka rubuta lambar fuloti a jiki. Dalili shi ne, in ka miƙa wa ɗan ƙwadago leda guda ka ce ya raba wa tsiro 120, kunyoyin farko za su sha, na ƙarshe su samu kanzo. Murfin kwalba da ƙwaryar ashana suna da amfaninsu a gonar manomi, amma ba a nan ba. Ido ba mudu ba ne. Kowace yuriya an tona mata rami ɗan nesa da gindin tsiro an rufe, saboda wadda aka bari a fili kan ƙasa wani kasonta iska ke tafiya da shi, kuma ka rubuta 120 alhali masara ba ta ga 120 ba.

Duk sauran abubuwa ɗaya ne. Iri ɗaya daga buhu ɗaya, SAMMAZ 15, wanda ke jure wuta-wuta. Tazarar santimita 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu-biyu, aka cire ɗaya bayan tsiro. Feshin tsutsar nan mai cin kan masara, wadda ta shigo mana a 2016, an yi wa kowa rana ɗaya. In kuma aiki ya fi ƙarfin yini guda, to a tsaya a ƙarshen rukuni, kada a tsaya a tsakiyarsa. In mutum biyu ne ke noma, kowa ya ɗauki rukuninsa ya gama, kada a ce wane ya yi fulotan 160, wane ya yi na 0. Ta haka bambancin rana da bambancin hannu suna faɗawa cikin rukuni, inda lissafi zai share su tare da bambancin gangare.

Yanzu da nake wannan rubutu masarar ta fitar da bunu. Daga bakin hanya kana iya gane fulotan shaida guda huɗu: gajeru ne, ganyensu na ƙasa ya yi rawaya daga tsini, rawayar ta bi jijiyar tsakiya ta shiga ciki kamar bakin mashi. Amma in ka matsa kusa za ka ga kunyar gefe ta fulotin shaidar da ke maƙwabtaka da mai taki ta fi na tsakiya kore, duk da tazarar da muka bari. Saiwa ba ta san iyaka ba. Tsiron bakin fili kuma yana samun rana da sarari fiye da na ciki. Shi ya sa ranar girbi ba za a auna kunya ta ɗaya da ta shida ba, kuma za a bar rabin mita a kowane bakin kunya. Abin da ya rage kunya huɗu ne masu tsawon mita huɗu, murabba'in mita 12, tsiro 64 in babu wanda ya mutu. Za a ƙirga su kafin a karya, domin fulotin da ya tashi da tsiro 45 ba taki ne ya rage masa amfani ba.

Abin da lambobin za su faɗa

Tun da girbi bai zo ba, na zauna da shi muka yi atisaye da lambobin misali, waɗanda na tsara da kaina don lissafi ya yi sauƙi. Mu ƙaddara fulotin 80 na rukuni na huɗu ya ba da kilo 5.6 na tsabar masara, na'urar auna laima kuma ta nuna 18 cikin ɗari. Dole a daidaita laima, in ba haka ba ruwa za ka auna ka kira shi hatsi. Ka ninka 5.6 da 10,000 ka raba da 12, ka samu kilo 4,667 a hekta. Don mayar da shi laimar 15, ka ninka da 82 ka raba da 85. Ya zama tan 4.5.

Mu ƙaddara an yi wa fulotai ashirin haka, matsakaicin kowane ma'auni ya fito kamar haka: 0 ya ba da tan 1.6, 40 ya ba da 2.8, 80 ya ba da 3.7, 120 ya ba da 4.2, 160 ya ba da 4.3. Matsakaicin gwajin duka 3.3 ke nan. Rukunin sama kuma ya gaza wannan da tan 0.6, na gindi ya ɗara shi da 0.6. Dubi abin da wannan ke nufi. Fulotin 160 na kan tudu zai iya ba da 3.6, alhali na 80 a gindi ya ba da 4.5. Wanda ya shuka waɗannan biyun kaɗai zai rantse rabin taki ya fi cikakkensa.

Lissafin da kwamfuta ke yi, wanda za ka ga ta rubuta ANOVA a kansa, ba wani siddabaru ba ne. Ɗauki fulotin nan mai 4.5. Ma'auninsa na 80 ya ce a sa ran 3.7. Rukuninsa ya ƙara masa 0.6, ya zama 4.3. Saura 0.2 da babu mai shi, ba na taki ba, ba na rukuni ba. Wannan shi ne kuskure: ɓera, ramin da bai tsira ba, ɗan bambancin ƙasa. Kowane fuloti na da irin wannan ragowar, kuma daga tara su ake sanin yawan hayaniyar da ke cikin gwajin. A misalinmu mu ce ta kai tan 0.3. Daga nan ake fitar da wata lamba da za ka gani an rubuta LSD, wato mafi ƙarancin tazarar da za a yarda ba sa'a ce ta kawo ta ba. Da rukuni huɗu da shaidu sha biyu, ta tashi tan 0.46.

Sai ka ɗauki wannan sanda ka auna. Daga 0 zuwa 40 an ƙaru da 1.2, daga 40 zuwa 80 da 0.9, duka sun wuce ta nesa. Daga 80 zuwa 120 an ƙaru da 0.5, ya tsallake da ƙyar. Daga 120 zuwa 160 kuwa 0.1 ne, bai kai ko kusa ba. Wannan ba ya nufin an tabbatar su biyun ɗaya ne. Yana nufin in ma akwai bambanci, ya fi ƙarfin idon wannan gwajin.

Na sa shi ya sake lissafin kamar ba a kasa rukuni ba, don ya ga ribar wahalar da muka sha. Bambancin gangare duka ya zube cikin kuskure, hayaniya ta tashi daga 0.3 zuwa kusan 0.6, sandar aunawa ta koma tan 0.88. Da ita, ƙarin da 120 ya yi a kan 80 ya ɓace ɗungum, na 80 a kan 40 ma da ƙyar ya tsira. Gona ɗaya, masara ɗaya, lambobi ɗaya.

Akwai wata lambar da nake fara dubawa kafin komai, wadda ake rubutawa CV. Hayaniya ce a matsayin kaso na matsakaicin amfani. A nan 0.3 cikin 3.3, kamar tara cikin ɗari, kuma wannan gwaji ne mai tsabta. In ta haura ashirin a gwajin masara irin wannan, nakan ajiye biro in koma ga littafin gona in nemi abin da ya faru. Sau da yawa fuloti ɗaya ne mai ragowa babba, kuma littafin zai nuna ruwa ya kwanta a cikinsa a watan Agusta, ko an sauya leda ranar zuba taki. Ana iya cire fuloti in akwai dalili rubutacce tun kafin a ga sakamako. Ba a cire shi don kawai ya ɓata labari.

Manomi kuma ba tan yake tambaya ba. Kowane ƙarin kilo 40 na naitirojin kilo 87 ne na yuriya, kusan buhu biyu ba kwata na mai kilo 50. A misalinmu, matakin farko ya dawo da buhun masara 12 mai kilo 100, na biyu tara, na uku biyar, na huɗu ɗaya tak. Kowa ya san farashin buhun yuriya da na masara a kasuwar Giwa a makon da yake ciki, sai ya yi wa kansa hisabi. Ga wanda kuɗinsa bai wuce na buhu uku da rabi ba kuma gonarsa hekta biyu ce, lambobin na cewa ya raba wa hekta biyun 40-40 ya samu ƙarin buhu 24, maimakon ya tara 80 a hekta ɗaya ya samu 21.

Ko da sakamakon gaske ya fito tsaf kamar wannan, na gargaɗe shi kada ya ɗauke shi ya shiga ƙauyuka yana shela. Amsar gona ɗaya ce, a damina ɗaya, da iri ɗaya. Shekarar da ruwa ya ɗauke lokacin bunu, 160 na iya komawa asara tsagwaronta. Baɗi sai a maimaita, a gonaki uku ko huɗu masu ƙasa daban-daban, kowacce da sabuwar ƙuri'a, kuma ba a kan wannan filin ba, tun da fulotan da suka sha yuriya da waɗanda aka bari da yunwa ba su ƙara zama daidai ba.

Makon jiya da muka je, mun tarar turaku bakwai cikin waɗanda muka rubuta wa lamba sun yi ƙafa, da alama sun shiga murhun wani. Ba mu damu ba, domin taswirar filin tana cikin littafi tun ranar ƙuri'a, da alamar gawo a gabas, kuma akwai hotonta a waya biyu. Dattijon ne ya tsaya a gaban fulotin shaida na rukunin gindi, wurin da ya fi ko'ina kyau a gonarsa, yana kallon masarar da aka hana abinci da gangan. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya juyo ya tambayi yaron wa zai biya shi hatsin waɗannan huɗun. Muka yi lissafi a tsaye: murabba'in mita 90 ne gaba ɗaya, gibin bai fi kilo 25 ba. Yaron ya ce zai kawo masa tiya goma ranar sussuka. Baba ya ce sha biyu.